Yadda na rubuta bayanin man kaɗe da sabuluna ba tare da na ce suna maganin komai ba

Mai sayen man kaɗe a kasuwa ba ta buƙatar dogon bayani. Za ta buɗe roba ta shinshina, ta lakata ta murza a bayan hannu, ta ga yadda yake narkewa. Wadda ke saye ta waya kuwa ba ta da hanci ko yatsa a kan kayan, abin da kika rubuta a ƙasan hoto shi ne kaɗai abin da za ta riƙe. Lokacin da na shirya fara sayar da man kaɗe da sabulun da nake yi da hannuna ta Instagram da WhatsApp daga nan Kano, na duba abin da 'yan'uwana masu wannan sana'a ke rubutawa, sai na ga kusan duk magana ɗaya ce: yana sa haske cikin kwana uku, yana goge nankarwa, yana kashe ƙyasbi da makero, ba kemikal ko ɗigo. Ban san ko ɗaya daga cikin waɗannan a kan kayana ba, kuma ban yarda in karɓi kuɗin mutum a kan abin da ban sani ba. Amma in na cire su, me zan rubuta? Nan na rikice na tsawon lokaci. Ga hanyar da na bi, daki-daki, ko wata za ta huta da wannan ruɗanin.

Abu na farko, na bi man zuwa inda ake yin sa. A wani ƙauye ne kusa da Bida a Jihar Neja, wajen wata ƙungiyar mata da wadda nake sari a hannunta ta haɗa ni da su. Na je bayan damina ta yi nisa, lokacin da ƙwarar da aka tsinta ta riga ta bushe. Kuɗin mota da na masauki sun cinye ribar sari guda, kuma sai da na jira ranar da za su yi aiki, don ba kullum suke ɗora tukunya ba. Na ga an fasa ƙwara, an daka, an soya a kan wutar itace, an kai inji an niƙa ta koma kamar kunu mai kauri launin ƙasa. Daga nan aka zauna ana bugawa da hannu ana zuba ruwa kaɗan-kaɗan, har farin kitse ya taso sama. Shi ake kwasa a wanke, a dafa har ruwan ya ƙone, a tace da ƙyalle, a bar shi ya daskare. Na tambayi babbar cikinsu dalilin da man wata ke fin na wata warin hayaƙi. Ta ce, "'Yata, a wajen suya ne. In wuta ta yi yawa ƙwara ta ƙone, ba abin da zai fitar da warin nan. In kuma aka bar ƙwara ta jiƙa ta yi fumfuna kafin a shanya, man zai yi tsami tun bai je hannunki ba." A littafina na rubuta sunan yankin, watan da aka yi man, da cewa ba a zuba masa komai ba: ba turare, ba launi, ba wani mai. Wannan na gani da idona, don haka zan iya faɗa. Abin da ban rubuta ba shi ne "oganik". Itatuwan kaɗanya a daji da gonaki suke fitowa da kansu, amma waccan kalma takardar shaida ake bayarwa a kanta bayan bincike, kuma ba ni da ita.

Da na dawo gida sai na shiga gwajin da ba ya buƙatar kuɗi. Na sayi ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, na auna robar da babu komai, na cika ta, na sake aunawa. Robar da ake ce wa ta rabin kilo ba ta ɗaukar giram 500 na man kaɗe, domin da ruwa aka auna girmanta, mai kuwa bai kai ruwa nauyi ba. Tawa giram 450 da 'yan kai take ci, don haka 450 na rubuta. Sai na ajiye roba ɗaya a ɗaki, ɗaya a cikin mota da rana. Man kaɗe yana fara narkewa ne a kusan zafin jikin mutum, shi ya sa yake bin fata da an murza shi. Bazarar Kano kuwa takan wuce digiri 40, balle cikin but ɗin motar haya. Na cikin mota ya zama ruwa, da ya huce a hankali sai ya daskare da tsaki-tsaki a ciki. Wannan ba lalacewa ba ce. Kitsen da ke cikin man iri-iri ne, wani yana riga wani daskarewa, in sanyin ya zo a hankali sai mai taurin ya dunƙule shi kaɗai. Maganinsa a narkar da shi gaba ɗaya a kan ruwan zafi, a sa a firji ya daskare da sauri. Amma wadda ta buɗe saƙonta ta ga tsaki ba tare da an gaya mata ba, cewa za ta yi an yi mata algus da gari. Tun daga ranar na san wannan magana dole ta shiga cikin bayanin, a sama-sama ma, ba a ƙarshe ba.

Mataki na gaba shi ne ɗakin gwaji. Ina ganin ana rubuta "Grade A" a kan kowane man kaɗe, na so in san ko nawa ya cancanta. Na kai samfuri a kwalba mai tsabta wani ɗakin gwajin abinci, na cike fom da sunana da sunan kayan da gwajin da nake so, na biya, aka ba ni rasit aka ce in dawo. Ku tambayi kuɗin kowane gwaji daban kafin ku cike fom, don ɗaya-ɗaya ake lissafa su, kuma ba duka kuke buƙata ba. Uku na zaɓa: danshin da ya rage a cikin man, yawan asid ɗin da ya ɓalle daga kitsen, da alamar ko man ya fara tsufa. Jiran ya fi mako, kuma ba zan ɓoye ba, gabana ya riƙa faɗuwa, don na riga na zuba jarina a wannan man. Da takardar ta fito, ma'aikacin ya zaunar da ni ya bi ta da ni layi-layi. Ya nuna mini ma'aunin Codex, hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin ingancin abinci, na yankin Afirka kan ɗanyen man kaɗe, wanda aka amince da shi a 2017: kafin a kira mai na sahun farko, asid ɗin nan bai kamata ya wuce kashi 1 cikin ɗari ba. Nawa ya haura 2 kaɗan. Ya ce, "Hajiya, manki mai kyau ne, lafiya lau a shafa, lafiya lau a yi sabulu. Amma na sahu na biyu ne, kuma in aka bar shi a zafi zai riga na farko juyawa." Na ji ba daɗi na ɗan lokaci, amma na fito da abu biyu a hannu. Na san ba zan rubuta "Grade A" ba, kuma na san abin da zan gaya wa mai saye game da ajiya: a rufe, a inuwa, da busasshen cokali, kada a sayi wanda ya fi na 'yan watanni in gidan na da zafi.

Sabulu ya fi ba ni wahala, saboda a nan ne ƙaryar da ta fi yaɗuwa take. Nawa da man kaɗe da man alayyadi da ruwa da soda nake yin sa. Soda kemikal ce mai ƙarfi, tana ƙona fata, da safar hannu da tabarau nake taɓa ta. Babu sabulun da ake yi sai da ita ko 'yar'uwarta. Ko sabulun salo na gargajiya, ruwan toka ne ke yin aikin da soda ke yi. Gaskiyar magana ita ce in an auna daidai, sodar tana haɗuwa da mai su zama sabulu, ba ta saura. Ni nakan ma rage ta da kusan kashi 5 cikin ɗari don a sami ɗan man da ya yi saura ya tausasa fata. To wannan bayanin ya fi "ba kemikal" daɗin ji, kuma gaskiya ne. Shi na rubuta, da sunan soda ƙarara a jerin kayan haɗi, na jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan.

Bayan an yanka sabulu yana buƙatar mako huɗu zuwa shida a kan kanta inda iska ke ratsawa, ruwan cikinsa ya fita, ya yi tauri. A wannan jiran na koyi abin da ya shafi nauyi. Sandar da na yanka tana giram 120 ta koma wajen 108 da ta bushe, kuma a hunturu takan ƙara raguwa kaɗan. Da na rubuta nauyin ranar yanka, da kowace mai saye ta sami ƙasa da abin da ta biya. Na rubuta "ba ya gaza giram 100". Na kuma sayi takardar gwajin pH, mai nuna ko abu ya karkata wajen asid ko wajen soda, a shagon kayan makaranta, na jiƙa sabulun na manna, ta nuna tsakanin 9 da 10. Haka kowane sabulu na gaskiya yake, fatar mutum kuwa tana wajen 5. Ma'anarsa ba zan ce ya dace da kowace fata ba, ba zan ce ba ya yaji a ido ba, ba zan ce na jarirai ne ba. Na raba wa 'yan gidanmu da maƙwabta suka gwada. Abin da suka fi faɗa shi ne kumfarsa ba ta kai ta sabulun kanti ba, kuma in aka bar shi cikin ruwa yana saurin laushi. Wata mai busasshiyar fata ta ce fuskarta ta ɗan ɗaure bayan wanka. Duk na rubuta. Ƙarancin kumfar daga yawan man kaɗen ne, man alayyadi ne ke kawo kumfa, in kuma ya yi yawa yana busar da fata. Na zaɓi in bar haɗin yadda yake, in faɗi dalili.

Daga nan na je ofishin NAFDAC don in ji abin da ake buƙata a jikin kwali da kuma hanyar rajista. Na tafi da takardar rajistar sunan kasuwancina, sakamakon gwajin, samfuri, da daftarin takardar da zan manna. Na zauna a layi har aka kira ni. Jami'ar da ta karɓe ni ta lissafa abin da dole ya fito a jiki: sunan kaya, nauyinsa, kayan haɗi, suna da adireshin mai yi, lambar rukunin da aka yi tare, ranar yi da ranar daina amfani, sai lambar rajista in ta fito. Ta ce ta intanet ake shigar da buƙata, kuma za a zo a duba wurin da nake aiki. Rajistar labari ne mai zaman kansa, ta ci lokacinta da kuɗinta. Abin da ya shafi rubutu shi ne bambancin da ta fayyace mini. Kayan shafa aikinsu tsabtace jiki, tausasa shi, ƙawata shi. Da zarar kin ce abu yana warkar da cuta, kin mai da shi magani, magani kuwa da tasa rajistar da hujjojin da ake nema. Ta kuma ja kunnena cewa lambar rajista ba lasisin faɗin duk abin da aka ga dama ba ce, talla ma ana duba kalmominta. Na fito da sauƙi a zuciya, domin iyakar da nake lalube a duhu ashe a shate take: zan iya cewa man yana tausasa kaushi, ba zan iya cewa yana maganin ƙyasbi ba.

Sai zaman rubutu. Na shimfiɗa littafina, takardar gwaji da sikeli a gabana, na sa wa kaina doka ɗaya: kowace jimla sai in iya nuna inda na samo ta, ko na auna, ko na gani, ko tana kan takarda. Wadda ba ta da madogara sai ta fita, ko da tana da daɗi a kunne. Ga abin da ya rage na man kaɗe:

"Ɗanyen man kaɗe, giram 450. Matan wani ƙauye kusa da Bida ne suka yi shi da hannu a watan Satumba, ba a ƙara masa turare, launi ko wani mai ba. Launinsa fari ne mai ɗan ratsin rawaya, yana da ƙanshin ƙwara da ɗan hayaƙi wanda ke raguwa bayan an shafa. In ba kya son wannan ƙanshin, fara da ƙaramar roba. Yana da tauri a hunturu, sai an murza a tafin hannu. Yana riƙe danshi a fata, ya fi aiki in an shafa bayan wanka jiki da ɗan lema, musamman a kaushi, gwiwa da leɓe. Yana da maiƙo, mai yawan ƙurajen fuska ta gwada a wuri kaɗan tukuna. Zai iya narkewa a hanya ya daskare da tsaki-tsaki, bai lalace ba. Ba ya canza launin fata, ba magani ba ne."

Kafin in saka, na karanta wa yayata wadda ma'aikaciyar jinya ce, da kuma gwaggona da ta shekara tana sayar da kayan ƙamshi. Yaya ta cire mini jimla ɗaya da na ce yana kare fata daga rana, ta ce ɗan abin da yake yi bai kai a dogara da shi ba, kada wata ta bar abin da likita ya ba ta. Gwaggo kuwa ta girgiza kai a kan jimlar ƙarshe. Ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya taɓa tallan hajarsa da abin da ba ta yi?" Na ce, "Gwaggo, ita ce tambayar da za su fara yi mini, gara su ga amsar tun kafin su turo kuɗi." Ta yi shiru, sannan ta ce ai ko a addini an ce mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa, albarkar cinikin a nan take. Ta ba ni shawarar da ta fi kowace amfani: in ɗauki hoton man a hasken rana a kan cokali, ba tare da na gyara launi ba, in kuma sa hoton mai tsakin kusa da mai santsin.

Makonnin farko sun yi sanyi, kuma hakan ya taɓa ni. Saƙon da ya fi shigowa shi ne, "Anti, yana sa haske?" Ina amsawa da cewa a'a, fatar da ta sha mai takan yi sheƙi ta daina furu-furu, amma launinta na nan yadda Allah ya yi shi. Da yawa daga nan ba su sake magana ba. Wata ma ta ce in haɗa mata da wani abu ta ƙara kuɗi, na ba ta haƙuri. Wannan wurin ina so a fahimce shi da kyau. Man kaɗe zalla ba ya bilicin. In wata ta shafa abin da aka ce man kaɗe ne ta ga ta yi fari cikin kwanaki, to an zuba wani abu a ciki wanda ba a rubuta ba, kuma irin waɗannan abubuwa ne ke sirantar da fata, su bar jijiyoyi a fili da baƙin gaɓoɓin yatsu. Duk mai rubuta alkawarin haske a kan man kaɗe, ko dai ba za ta cika ba, ko kuma za ta cika ta hanyar da za ta cutar da mai saye.

Waɗanda suka tsaya suka saya wasu irin mutane ne daban: uwa mai neman abin shafa wa yara a hunturu, mai faso a ƙafa, mai kitso, da masu haɗa nasu man da ke son sanin ainihin abin da za su saya. Su ba sa jayayya in saƙo ya iso a narke, don sun karanta. Wata a Abuja ta turo mini hoton robarta da tsaki ta ce ta sa a ruwan zafi kamar yadda na rubuta, ya koma daidai. Da ban faɗa ba, da wannan saƙon na neman a mai da kuɗi ne. Kuma su ne ke dawowa, su turo 'yan'uwansu. Idan wata ta yaba, nakan nemi izininta kafin in saka maganarta, kuma ba na saka wadda ta ce ya warkar mata da wata cuta, ko da ta rantse haka ta gani. In na wallafa, ya zama ni na faɗa.

Abin da na ɗauka daga wannan duka, ga mai shirin farawa: kada ki zauna rubutu kafin ki tara abin rubutawa. Yawancin ƙarin gishirin da ake gani daga rashin abin faɗa yake tasowa. Wadda ba ta san nauyin robarta ba, ba ta san watan da aka yi manta ba, ba ta taɓa barin sa a zafi ta ga abin da zai faru ba, ba abin da ya rage mata sai ta ari alkawarin maƙwabciyarta. Sikeli, takardar pH da littafin rubutu ba su da tsada, kuma su suka ba ni fiye da rabin jimlolina. Gwajin ɗakin bincike ya fi tsada, amma ko sau ɗaya aka yi a kan man wanda ake sari a hannunsa, yana hana a rubuta darajar da ba ta tabbata ba. Aibin da mai saye za ta gani da kanta a ranar farko, kamar wari, tsaki, ƙarancin kumfa ko farar hodar da kan fito a saman sabulu, a faɗe shi tare da dalilinsa da abin da za a yi.

Bayanin kuma ba a rubuta shi sau ɗaya a gama. Man kowace shekara da nasa hali, ko a ƙauye ɗaya na wata tukunyar yakan fi na wata duhu ko wari. Duk sarin da ya iso nakan buɗe, in shinshina, in auna, in canza wata da launi da lambar rukuni a rubutun, in sake hoto. In na canza mai kawo mini, sai samfuri ya koma ɗakin gwaji kafin in taɓa jimlar da ta shafi inganci. Sabulu kuma ba ya hawa shafi sai na rubuta ranar da aka yanka shi a jikin kanta, mako shida sun cika, na ɗora sanda uku a sikeli na ga ba wadda ta gaza giram 100.